Hanyoyi uku na haɗa 2-buromo-4-naitirotoluwin: wadda za a bi idan rukunoni biyu suna kan zoben benzin

Wanda aka ba aikin haɗa 2-buromo-4-naitirotoluwin, ko a ɗakin gwaji ko a takardar jarrabawa, yakan tsinci kansa gaban hanyoyi uku waɗanda dukansu suke da alamar daidai a ido. Zai iya ɗauko p-naitirotoluwin ya sa masa buromin. Zai iya juya tsarin, ya ɗauko o-buromotoluwin ya sa masa rukunin NO₂. Zai kuma iya zagayawa ta o-toluwidin, ya sa NO₂ tukuna, sannan ya musanya rukunin NH₂ da Br ta hanyar Sandmeyer. A kowace daga cikinsu akwai zoben benzin mai ɗauke da rukunoni biyu, kuma tambayar da ke raba su ita ce inda waɗannan rukunoni biyu za su tura na uku.

Don a riƙa gane juna, za a lissafa kusurwoyin zoben daga C1, wato inda CH₃ yake. Abin da ake nema shi ne Br a C2 da NO₂ a C4. Gurabe biyu da ke maƙwabtaka da wani rukuni su ne gurabensa na oto, biyun da ke biye da su na meta ne, wanda ke fuskantarsa a ɗaya gefen zoben kuma shi ne gurbin fara.

Ma'aunin da za a auna su da shi

Ma'auni na farko, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne ko rukunoni biyun sun yi ittifaƙi a kan gurbi ɗaya ko sun saɓa. Idan mai neman ilektaron, kamar Br⁺ ko NO₂⁺, ya kama wata kusurwa ta zoben, sai a sami sinadarin tsaka-tsaki mai cajin +, kuma cajin ba ya bazuwa ko'ina, yana sauka ne a kusurwoyi uku kawai: biyun da ke maƙwabtaka da inda aka kama, da wadda ke fuskantarsa. Rukunin da ke tura ilektaron cikin zobe, kamar CH₃, OH da NH₂, yana rage wa wannan caji kaifi idan ya sauka a kusurwar da yake zaune, shi ya sa yake zaburar da zoben kuma yake kai baƙon gurbin oto ko na fara. Rukunin da ke janye ilektaron, kamar NO₂, SO₃H da NH₃⁺, yana sanyaya zoben gaba ɗaya, amma ya fi sanyaya gurabensa na oto da na fara, don haka gurbin meta ne ke saura. Yana da kyau a lura cewa irin wannan rukuni ba ya jawo baƙon zuwa meta, hana shi sauran guraben kawai yake yi. Cl da Br kuwa suna tsakiya, domin suna sanyaya zobe amma suna kai baƙo oto da fara, tunda suna iya ba da aron ilektaron biyu idan cajin ya zo kusurwarsu.

Sauran ma'aunan su ne kuɗin kayan farawa, daɗewarsu a ajiye ba tare da sun lalace ba, sauƙin aikin, wato yawan matakai da wahalar raba abin da aka samu, sai kuma haɗarin da ke kan mai aikin.

Hanya ta farko: sa buromin a kan p-naitirotoluwin

A nan CH₃ yana C1, NO₂ yana C4, kuma saboda zoben ya yi daidai wa daida a gefe biyu, gurabe huɗun da suka rage iri biyu ne kacal: C2 daidai yake da C6, C3 daidai yake da C5. CH₃ yana kai baƙo gurabensa na oto, wato C2 da C6, tunda gurbinsa na fara a cike yake. NO₂ yana barin gurabensa na meta, waɗanda su ma C2 da C6 ne. Idan Br⁺ ya kama C2, cajin zai sauka a C1, C3 da C5, kuma a C1 akwai CH₃ da zai tallafe shi, sannan ba ya taɓa C4 inda NO₂ yake. Idan kuwa ya kama C3, cajin zai sauka a C2, C4 da C6, ya haɗu da NO₂ kai tsaye a C4, kuma ya rasa tallafin CH₃. Wannan ne ya sa kusan aisoma ɗaya ake samu.

Aikin kansa mataki ɗaya ne. Ana sa giram 68.5 na p-naitirotoluwin, wato rabin mol, da kimanin giram 1 na garin ƙarfe a kwalba mai wuya uku, a ɗumama zuwa digiri 75 zuwa 80 na ma'aunin Salshiyas. Ba a buƙatar wani ruwan narkarwa, domin sinadarin yana narkewa da kansa a wajen digiri 52. Sai a riƙa ɗiga buromin kimanin mililita 30 a hankali cikin rabin sa'a ana juyawa sosai, a bar shi a wannan zafi kamar sa'a ɗaya da rabi, sannan a juye cikin ruwan NaOH mai sanyin ƙanƙara don a kashe ragowar buromin da HBr. Ƙarfen yana zama FeBr₃ a cikin kwalbar, shi ne kuma yake ƙara wa buromin ƙarfin kama zoben da NO₂ ya sanyaya. Lissafi ya nuna rabin mol zai ba da giram 108 idan babu asara, kuma a aikace akan samu kashi 86 zuwa 90 cikin ɗari na wannan. Bayan an tsarkake shi yana narkewa a wajen digiri 76.

Abubuwa biyu ne ke lalata wannan hanya, kuma ba daga jagorancin rukunoni suke ba. Na farko, idan danshi ya kashe FeBr₃, ko aka yi aikin cikin haske mai ƙarfi da zafi mai yawa, buromin yakan bar zoben ya koma kan CH₃, a sami p-naitirobenzil buromaid, wanda ke sa hawaye yana kuma ƙona fata. Ana gane shi da cewa yana narkewa a wajen digiri 99, kuma a na'urar NMR alamar CH₃ da ke wajen 2.5 takan ragu, wata sabuwa ta CH₂Br ta bayyana a wajen 4.5. Na biyu, idan aka zuba buromin fiye da ƙima, C6 ma yakan kamu, domin har yanzu oto yake ga CH₃ kuma meta ga NO₂, sai a sami mai Br biyu. Sa'ar da aka yi ita ce Br na farko ya ƙara sanyaya zoben, don haka shigar na biyu tana da jinkiri, kuma rarar buromin ta kimanin kashi 15 cikin ɗari ba ta cika jawo wannan ba.

Ta fuskar kuɗi, p-naitirotoluwin kayan masana'antar rini ne da ake yi da yawa, don haka yana da araha, kuma daskararre ne mai jure ajiya. Wanda ya yi tunanin haɗa shi da kansa daga toluwin ya sani cewa sa NO₂ a kan toluwin yana ba da kusan kashi 59 na oto, kashi 37 na fara da kashi 4 na meta, sai dai rabuwar tana yiwuwa, domin na fara yana daskarewa ya bar na oto a ruwa. Haɗarin hanyar duka yana cikin buromin: yana tafasa a digiri 59, tururinsa yana cin huhu, ɗigonsa yana ƙona fata nan take, kuma yana cin murfin kwalba idan ya daɗe a ɗaki mai zafi. Dole a yi aikin a akwatin zuƙe hayaƙi, a kafa tarkon HBr, a kuma ajiye ruwan Na₂S₂O₃ a kusa saboda zubewa.

Hanya ta biyu: sa NO₂ a kan o-buromotoluwin

Wannan ita ce hanyar da ta fi ruɗar ɗalibai, kuma ta cancanci a tsaya a kanta. CH₃ yana C1, Br yana C2. CH₃ yana kai baƙo C4 da C6, Br kuma yana kai shi C3 da C5, don haka duk gurabe huɗun da suka rage kowanne yana da mai goyon bayansa. Ƙa'idar da ake koyarwa ita ce idan rukunoni biyu suka saɓa, mai zaburarwa ne ke rinjaye. Tunda CH₃ yana zaburarwa Br kuwa yana sanyayawa, sai ɗalibi ya rubuta cewa NO₂ zai tafi C4, gurbin fara na CH₃, ya ga kamar ya sami abin da ake nema. Ƙa'idar tana aiki sosai idan ɗayan rukunonin mai ƙarfi ne kamar OH, OCH₃ ko NH₂, amma tsakanin CH₃ da halojin ba ta tsaya da ƙafafunta ba.

Ana iya ganin dalili da lissafi. Tun daga ayyukan Christopher Ingold da abokan aikinsa a Ingila, ana auna saurin kowane gurbi idan aka kwatanta shi da gurbi ɗaya na benzin, wanda ake ba lamba 1. A wajen sa NO₂, gurbin oto na toluwin yana da kimanin 42, na meta 2.5, na fara 58. A kulorobenzin kuwa na oto 0.029 ne, na meta 0.0009, na fara 0.137, kuma alƙaluman buromobenzin suna kusa da waɗannan ƙwarai. Idan rukunoni biyu suna kan zobe ɗaya, ana ƙiyasta saurin kowane gurbi ta hanyar ninka lambobin biyu. Ga yadda abin yake ga o-kulorotoluwin:

```
C3: 2.5 × 0.029  = 0.073
C4: 58  × 0.0009 = 0.052
C5: 2.5 × 0.137  = 0.343
C6: 42  × 0.0009 = 0.038
```

Gurbin da ya fi sauri shi ne C5, wato gurbin fara na halojin, kuma C4 da ake nema kimanin kashi ɗaya cikin goma ne kawai na jimillar. Sirrin yana cikin tazarar da kowane rukuni yake sawa tsakanin gurbin da yake so da wanda ba ya so. CH₃ ya fifita gurbinsa na fara a kan na meta sau 23 ne kawai, alhali Cl ya fifita nasa fiye da sau 150. Saboda haka abin da ke yanke hukunci a cikin zobe ɗaya shi ne wane rukuni ya fi tsananin zaɓe, kuma wannan ba lallai ne ya zama wanda ya fi zaburarwa ba. Lissafin ƙiyasi ne, domin ya ɗauka kowane rukuni yana aikinsa ba tare da ya shafi ɗayan ba, kuma bai kula da cunkoso ba. A gwaji na zahiri rinjayen C5 bai kai yadda lissafin ya nuna ba, amma shi ne dai ke kan gaba, kuma duka aisoma huɗun suna fitowa da yawan da ba za a yi watsi da shi ba.

Daga nan wahala take farawa. Aisoma huɗu masu nauyi ɗaya da ɗabi'a kusan ɗaya ba sa rabuwa da sauƙi, kuma mafi muni, 2-buromo-5-naitirotoluwin yana narkewa a zafin da ke kusa da na wanda ake nema, ta yadda mai dogaro da zafin narkewa kaɗai zai iya murnar samun abin da ba shi ba. A NMR ma tsarin rarrabuwar alamominsu iri ɗaya ne, bambancin yana ga H ɗin da ke zaune shi kaɗai: a wanda ake nema yana tsakanin Br da NO₂, yana fitowa wajen 8.4, a ɗayan kuwa yana tsakanin CH₃ da NO₂, yana fitowa wajen 8.1.

Kayan farawar ma ba su da araha. Ba a samun o-buromotoluwin mai tsabta ta hanyar sa buromin a kan toluwin kai tsaye, domin na fara ne ke fitowa da yawa, kuma zafin tafasarsu bai bambanta da fiye da digiri 3 ba. Akan haɗa shi ne daga o-toluwidin, wato an riga an biya kuɗin wani mataki kafin a soma. Yana jure ajiya, kuma haɗarin aikin shi ne na haɗin HNO₃ da H₂SO₄, wanda ke fitar da zafi mai yawa kuma yake buƙatar sanyi da ɗigawa a hankali.

Hanya ta uku: zagayawa ta o-toluwidin

A o-toluwidin CH₃ yana C1, NH₂ yana C2. Idan aka bi ƙa'ida a sarari, NH₂ ya fi CH₃ ƙarfi nesa ba kusa ba, don haka ya kamata NO₂ ya tafi C5 da C3. Amma a cikin H₂SO₄ mai kauri NH₂ yana karɓar H⁺ ya zama NH₃⁺, wanda ba shi da ilektaron da zai ba da aro, ya koma mai sanyayawa mai barin gurabensa na meta, wato C4 da C6. Waɗannan su ne kuma guraben da CH₃ yake so. Saɓani ya zama ittifaƙi kenan saboda yanayin da aka yi aikin, kuma C4 ne ke rinjaye. Abin da ake samu shi ne 2-amino-4-naitirotoluwin, sanannen sinadari a masana'antar rini, mai narkewa a wajen digiri 106. Sharaɗin shi ne asid ɗin ya yi yawa kuma a riƙe sanyi a wajen digiri 0 ko ƙasa da haka, domin idan ruwa ya shiga ko zafi ya tashi, ɗan NH₂ da bai karɓi H⁺ ba yakan yi wa NH₃⁺ fintinkau a sauri, sai wasu aisoma su ƙaru, HNO₃ kuma ya ƙona wani ɓangare ya zama baƙin kwalta.

Akwai kuskuren da ya zama ruwan dare a nan. Ɗalibin da ya saba da anilin yakan ce a fara kāre NH₂ ta hanyar mayar da shi NHCOCH₃. Hakan yana hana ƙonewa, amma NHCOCH₃ mai zaburarwa ne da ya fi CH₃ ƙarfi, don haka shi zai jagoranci aikin ya kai NO₂ zuwa C5 da C3, a ƙare da aisoma da ba shi ake nema ba.

Mataki na biyu shi ne wanda Traugott Sandmeyer ya gano a Siwizalan a 1884. Ana narkar da amin ɗin a HBr, a sanyaya zuwa digiri 0 zuwa 5, a ɗiga ruwan NaNO₂ har takardar sitaci da KI ta yi shuɗi, alamar cewa amin ɗin ya ƙare, sannan a juye gishirin diyazoniyam ɗin a kan CuBr, N₂ ya fita Br ya maye gurbinsa. Kyawun wannan mataki shi ne ba ya dogara da jagorancin kowa, Br yana zama daidai inda NH₂ ya tashi. Sai dai gishirin diyazoniyam ba ya jira: idan ya ɗumama kafin ya haɗu da CuBr, ruwa ne ke maye gurbin N₂ a sami OH maimakon Br, kuma ba a busar da shi, domin busasshensa yana iya fashewa. A ɗakin gwajin da wutar lantarki ba ta tsayawa, tanadin ƙanƙara mai yawa yana cikin shirin aikin tun kafin a buɗe kwalba.

Matakai biyu suna jawo asara sau biyu, domin ko da a ce kowanne ya ba da kashi 75, jimillar kimanin kashi 56 ce kawai. o-Toluwidin ba shi da tsada, amma yana yin duhu idan iska da haske suka taɓa shi, kuma hukumar binciken cutar kansa ta duniya ta sa shi a rukunin farko na abubuwan da ke jawo cutar kansa ga ɗan Adam, musamman ta mafitsara. Yana kuma ratsa fata. Wannan kaɗai ya isa ya sa a yi tunani sau biyu kafin a ba ɗaliban digirin farko wannan hanya.

| Ma'auni | Br a kan p-naitirotoluwin | NO₂ a kan o-buromotoluwin | Ta o-toluwidin |
|---|---|---|---|
| Jagorancin rukunoni | Sun yi ittifaƙi a C2 | Sun saɓa, C5 ke rinjaye | Sun yi ittifaƙi a C4 cikin asid mai kauri |
| Matakai | 1 | 1, da doguwar rabawa | 2 |
| Kuɗi | Araha | Tsada, ga asara | Matsakaici |
| Ajiya | Daskararren yana daɗewa, buromin na son kula | Yana daɗewa | Amin na yin duhu, diyazoniyam ba ya ajiyuwa |
| Babban haɗari | Buromin da HBr | Zafin haɗin asid | Cutar kansa, da gishirin diyazoniyam |

Wace hanya ga wace buƙata

Wanda burinsa shi ne ya sami 2-buromo-4-naitirotoluwin mai tsabta da yawa, kuma yana da akwatin zuƙe hayaƙi mai aiki, babu dalilin da zai sa ya bar hanya ta farko. Ita ce kuma amsar da ya kamata a rubuta a jarrabawa idan aka ce a fara daga toluwin: a sa NO₂, a ware na fara, sannan a sa Br₂ da FeBr₃, a kuma zana inda cajin yake sauka a C2 da C3 don a nuna dalili.

Hanya ta uku ta dace da wanda ke son ya sa abubuwa dabam-dabam a C2, domin daga gishirin diyazoniyam ɗaya ana samun Cl da CuCl, CN da CuCN, I da KI, ko OH da ruwan zafi, kuma CN da OH ba sa shiga zobe ta hanyar musanyar mai neman ilektaron ta yau da kullum. Idan za a iya sayen 2-amino-4-naitirotoluwin a shirye, ya fi, tunda an tsallake taɓa o-toluwidin da matakin da ya fi wuya, ko da yake shi ma a riƙe shi da safar hannu da taka-tsantsan.

Wanda kuma ya duba ya ga ashe 2-buromo-5-naitirotoluwin yake buƙata, zai iya tunanin hanya ta biyu tunda shi ne ke rinjaye a can, amma a ganina kāre NH₂ na o-toluwidin da COCH₃, a sa NO₂, a ware wanda ya tafi C5, a cire kāriyar, sannan a yi Sandmeyer, ya fi tabbas, domin aisoma biyu za a raba maimakon huɗu. Hanya ta biyu ta fi amfani ga malamin da ke da na'urar GC ko NMR kuma yake son ɗalibai su yi lissafin guraben nan huɗu da hannunsu, sannan su auna abin da ya fito daga kwalba su kwatanta shi da abin da suka rubuta.